Jadawalin farashin manhajata: mutane suna dubawa su wuce, ku gaya mini laifinsa

Laminu: Assalamu alaikum, barkanku da war haka. Waɗanda suka san ni sun san ƴar manhajar da na yi ta lissafin kanti, wadda ke riƙe kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, da sunayen masu bashi. Shekara guda ke nan ina tallarta a Kasuwar Dole da Zango. Watan jiya na zauna na tsara jadawalin farashi mai kyau, da launi da komi, na tura wa ƴan kasuwa kusan arba'in ta WhatsApp. Mutum biyu suka amsa, su ma tambayarsu ɗaya: “To nawa ne?” Alhali farashin na nan rubuce da manyan lambobi. Ga abin da ke ciki. Tsari uku ne. Tagulla 2.000 F a wata. Azurfa 4.990 F a wata, na ja layi a kan 7.500 F a gefensa, na yi masa launin ruwan goro, na rubuta “Wanda aka fi saye” a kansa. Zinariya 10.000 F a wata. A ƙarƙashinsu sahu 14 na abubuwan da manhajar ke yi, da alamar ✓ ko ✗. Ku duba hoton, kar ku ji nauyina.

Ibro: Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga laifinsa ba, wallahi ya yi kyau. Haka manyan kamfanoni ke yi: uku, a haskaka na tsakiya. Matsalar ƴan kasuwarmu ce, ba su saba ba.

Alhaji Ilu: Laminu yaron kirki. Ni fa na gaya maka tun bara, abin nan naka ya yi tsada. Jikka goma kowane wata don lissafi? Littafin ɗari biyar yana kai ni shekara.

Laminu: Alhaji, ai kai na jikka biyu da rabi kake kai, ba na goma ba.

Alhaji Ilu: To ai a hoton jikka biyu na gani. Ashe ni kaɗai ake ƙara wa?

Rakiya: Tsaya nan, Laminu. Alhaji ya riga ni. Me ya sa yake biyan 2.500 alhali jadawali ya ce 2.000? Na ga ɗan tauraro a gefen kowane farashi, na faɗaɗa hoton har ya dushe ban iya karanta rubutun ƙasa ba. Rubuto mana shi.

Laminu: Tanti, abin da ke ƙasa shi ne: farashin nan na wanda ya biya shekara gaba ɗaya ne. Mai biya wata-wata yana ba da 2.500, ko 6.000, ko 12.000.

Rakiya: Akwai wani kuɗin da ake biya ranar farko?

Laminu: Akwai 5.000 na sakawa. Ina zuwa da kaina in shigar da kayan kantin, in koya wa yaron shago. Wannan ban sa shi a jadawali ba, sai in mutum ya kira nake faɗa.

Rakiya: To mu yi lissafi kamar mai kanti, ba kamar mai manhaja ba. Mutum ya ga Azurfa, ya ga 4.990, ya ce a ransa jikka biyar, zan iya. Ya kira ka. Ba ya da niyyar zuba kuɗin shekara a kan abin da bai taɓa gwadawa ba, don haka wata-wata zai biya. Ka ce masa 6.000, da 5.000 na sakawa, ke nan ranar farko 11.000 zai fitar. Ya ninka abin da ya gani har da ɗori. In kuma ya ce shi lallai 4.990 ɗin nan yake so, sai ka ce ya kawo 59.880 da na sakawa, kusan jikka 65 a zama ɗaya. Ka ga lambar da ka rubuta da manyan baƙaƙe babu mutum ɗaya da zai taɓa ƙirga ta ya miƙa maka.

Shi ya sa masu amsawar suka ce “to nawa ne”. Ba don ba su ga lambar ba. Ɗan kasuwa da ya ga tauraro ya san akwai magana a baya, ko bai iya karanta ta ba. Sana'arsu ce.

Babbar lamba ta zama abin da mutum zai ciro daga aljihu in ya zaɓi hanya mafi sauƙi, wato wata-wata. Ta shekara ta zo ƙarƙashinta da cikakken jimlarta. Kuma duba, lissafinka ma yana da wata kyakkyawar magana da ka binne: 6.000 sau 10 shi ne 60.000, 12.000 sau 10 shi ne 120.000. Wato mai biyan shekara wata goma yake biya, ya yi aiki goma sha biyu. Ka mai da Tagulla 25.000 a shekara, duk ukun su zama ƙa'ida ɗaya: “Biya wata 10, sauran 2 kyauta.” Wannan ko a bakin kanti za ka faɗe ta a gane.

Nana Hadiza: Ni 4.990 ɗin ce ta ba ni dariya tun ɗazu. Laminu, faɗi kuɗin nan da Hausa in ji. Jikka biyar ba dala biyu? Wa zai ba ni canjin dala biyu?

Ibro: Ai dabara ce sananniya, ido yana fara karanta lambar hagu, sai ya ga huɗu ba biyar ba.

Nana Hadiza: Idon da ke lissafi da tamma ke nan. Mu da dala da jikka muke ƙirga. Kafin in gane 4.990 sai na mai da ita jikka biyar a kaina, to ina dabarar ta tafi? Aiki kawai ka ƙara mini.

Rakiya: Gaskiyarta. A ƙasan kowace lamba ma zan so ka rubuta yadda ake faɗa: “jikka biyu da rabi”, “jikka shida”, “jikka goma sha biyu”. Akwai wanda zai ga 2.500 ya tsaya yana tunanin sefa ce ko dala.

Ibro: To na yarda da wannan. Amma haskaka na tsakiya da sa mai tsada a gefensa ba wasa ba ne, an gwada. Mun karanta gwajin da wani malamin jami'a, Dan Ariely, ya yi da tallar mujallar The Economist. Zaɓi uku: ta intanet dalar Amurka 59, ta takarda 125, duka biyun a haɗe su ma 125. Ya ba ɗalibai 100 na jami'ar MIT. Mutum 84 suka ɗauki haɗin, 16 suka ɗauki ta intanet, babu wanda ya ɗauki takarda zalla. Da ya cire ta takardar, wadda ba wanda ya so, sai 68 suka koma mai araha, 32 kawai suka tsaya kan haɗin. Ka ga zaɓin da ba a saye ma yana aiki. Don haka Zinariya ta tsaya inda take, aikinta ta sa Azurfa ta yi araha a ido.

Rakiya: Lambobinka daidai ne, ƙanena. Sai dai abu biyu. Ɗaliban nan zaɓi suka yi a takarda, ba wanda ya ciro kuɗinsa. Kuma ko da sun saya, mujalla ce daga kamfanin da ba za su taɓa haɗuwa da mai shi ba. Laminu kuwa kowane wata sai ya koma kantin nan karɓar kuɗi, ko a turo masa ta Nita ko Amana bayan ya kira sau biyu. Wanda aka tura Azurfa da dabara, ya yi wata biyu ya ga waya ɗaya kawai yake aiki da ita, zai sauka ko ya daina gaba ɗaya, kuma zai gaya wa na kusa da shi a layin. Damagaram ba ta da girman da za ka yi wa mutum wayo ka ɓace.

Ban ce a cire Zinariya ba. Na ce ta zama tsarin da wani mutum na gaske yake buƙata. Laminu, mutum nawa ke biyanka yanzu, kuma a wane tsari?

Laminu: Su 23 ne. Tagulla 15, Azurfa 6, Zinariya 2.

Nana Hadiza: Kai! To wa ya fi sayen Azurfa?

Laminu: Na ga kowa haka yake rubutawa ne.

Malam Habu: Laminu, a nan kam zan sa baki, ko da yake ban san kan manhaja ba. Wannan ba ado ba ne, labari ne ka bayar, kuma ba haka yake ba. Ka ce an fi sayen abu, ba a fi saye ba. Sannan 7.500 da ka ja wa layi, ka taɓa sayar wa wani a haka?

Laminu: A'a Malam. Shi ne farashin da na so in sa da farko.

Malam Habu: To ragi daga farashin da ba a taɓa biya ba, ba ragi ba ne. Ka tuna hadisin da ke cikin Muslim: Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce tarin abinci, ya sa hannu ciki, yatsunsa suka ji damshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Kuɗin sakawar nan da rubutun ƙasa da ba a iya karantawa, shi ne jiƙaƙƙen da ke ƙarƙashi. Ba a ce ka zubar ba, an ce ka ɗora a sama.

Ibro: Malam, ai ba algus ya yi ba, in an kira shi yana faɗa.

Malam Habu: Bayan mutum ya riga ya sa rai. Ni dai abin da na gani ke nan.

Rakiya: Ko a Turai inda Ibro ke ɗauko misali, tun 2022 dokar Tarayyar Turai ta ce in ka yi shelar ragi a kan kaya, tsohon farashin da za ka nuna shi ne mafi ƙanƙanta da ka sayar a kwana 30 da suka wuce. Su ma sun gaji da layin ƙarya. A cire 7.500.

Haskakawa kuwa ba laifi ba ce in abin da aka rubuta gaskiya ne. Kana iya barin launin a kan na tsakiya ka rubuta “Ga mai kanti da yaran shago”. Wannan shawara ce, kuma ta faɗi wanda take nufi. Ko ka kai “Wanda aka fi saye” kan Tagulla, tunda can gaskiyar take.

Ibro: In ya haskaka mai araha ai ya kashe kansa. Kowa can zai tafi.

Rakiya: Da ma can suke, 15 cikin 23. Tambayar ita ce me zai sa mutum ya hau, kuma jadawalin bai amsa ta ba. Mu zo kan sahu 14 ɗin nan. Na ƙirga: tara daga ciki ✓ ✓ ✓ ne, duka ukun suna da su. Shigar da kaya, fitar da kaya, rubuta bashi, aiki ba rezo, da sauransu. Mai karatu yana sauka sahu ɗaya, biyu, uku, har tara, bai ga bambanci ba. A sahu na huɗu ya riga ya yanke hukunci cewa abu ɗaya ne aka sa wa kuɗi uku, ya ɗauki mai araha ko ya rufe hoton. Bambancin yana can ƙasa inda ba ya kaiwa.

Jadawalin kwatanci aikinsa nuna inda aka rabu. Taran nan ka kwashe su, ka mai da su jimla ɗaya a sama: “Kowane tsari yana rubuta kaya da bashi, yana aiki ko ba rezo.” Saura biyar. Faɗa mana su.

Laminu: Yawan wayoyi: 1, 3, ba iyaka. Yawan kaya: 200, 1.000, ba iyaka. SMS na tuna wa mai bashi: babu, 100, ba iyaka. Yawan shaguna: 1, 1, 3. Sai “taimako na musamman”, Zinariya kaɗai ke da shi.

Rakiya: Madalla. Yanzu ka ajiye jadawalin ka tuna mutanen. Shidan nan na Azurfa, me ya kai su can? Kowane ɗaya ka san shi.

Laminu: Bari in tuna. Biyar dai saboda yaran shago ne. Mai kanti yana so ya ga abin da aka sayar daga wayarsa ko yana gida ko ya tafi Kano sayayya. Ɗaya kuma mai kayan gyaran babur ne, kayansa sun wuce 200 nesa. Biyun Zinariya, ɗaya yana da shago a nan da wani a Mirya, ɗayan yana da nan da Magarya.

Rakiya: To ka ga ka amsa da kanka. Abin da ke raba tsarinka ba SMS ba ne, ba yawan kaya ba ne. Shi ne: mutum nawa ke tsayawa a kantin, kuma kanti nawa ne. Mai tsaron kantinsa da kansa, mai yaran shago, mai shago fiye da ɗaya. Wannan shi ne sahu na farko, kai tsaye ƙarƙashin farashi. Sunayen ma daga nan ya kamata su fito. Tagulla da Azurfa da Zinariya ba su gaya wa kowa wane ne nasa ba, sai dai su gaya wa mai Tagulla cewa shi ne na baya. Alhaji, in an ce maka kana kan Tagulla, ya kake ji?

Alhaji Ilu: Ni ban ma san sunana ke nan ba. Ashe tagulla aka mai da ni, shekara talatin ina kasuwa.

Nana Hadiza: Ka ji ko. Sa musu “Ni kaɗai”, “Ni da yarana”, “Shaguna da yawa”. Ko makaho aka karanta wa ya san gidansa.

Laminu: “Ni da yarana” ta yi mini. Amma ba ta yi kama da wasa ba? Akwai masu farmasi da nake so in shiga wajensu, su da faransanci suke aiki.

Rakiya: Yi biyu, na Hausa da na faransanci, sunan ya faɗi abu ɗaya. Kar dai ka cusa harsuna biyu a hoto ɗaya.

Musa kontabul: Tunda an ambaci masu farmasi, su faktir za su nema. In kana cikin masu karɓar TVA, rubuta a fili ko farashin da haraji ne ko babu. TVA a nan 19 cikin ɗari ce, 6.000 ba haraji tana zama 7.140. Mai kanti TTC, wato farashi har da haraji, yake so ya gani. In ba ka karɓa, kar ka rubuta komi da zai sa a ɗauka kana karɓa. Ka zo ka same ni mu duba takardunka.

Laminu: To yaya, zan zo.

Sani mai wifi: Ni ma ina da irin wannan matsalar. Tikitina na awa ɗaya, na yini, na sati, na wata, na liƙa a bango, kullum sai an tambaye ni. Yanzu ma wani yaro ya sayi na sati ya raba wa abokansa lambar. Akwai yadda zan ɗaure tikiti a waya ɗaya?

Ibro: Wannan wata magana ce daban, Sani. Buɗe mata nata zaren.

Sani mai wifi: To ai duk farashi ne.

Rakiya: Na bangonka turo hoto daga baya mu gani. Laminu, ban gama da kai ba. “Ba iyaka” har sau uku a Zinariya. SMS ɗin da gaske ba iyaka?

Laminu: In ya kai 500 a wata yana tsayawa. Saye nake yi ni ma, kowane yana faɗo mini kusan 15 F.

Rakiya: To 500 sau 15, 7.500 ke nan daga cikin 12.000. Mutum ɗaya ya cika iyakar, ka tashi da 4.500, ga zirga-zirgar Mirya a kanka. Kalmar tana cutar ku duka biyu. Shi ya ɗauka ba iyaka, ranar da saƙo ya tsaya a tsakiyar wata zai ce ka yaudare shi. Kai kuma ka sa iyakar a inda ba riba. Duba abin da biyun nan ke turawa a wata, ka sa lamba ta gaskiya, misali 300, ka rubuta kuɗin ƙari a ƙasa: kowane 100 na ƙari kaza. Lamba ta fi “ba iyaka” kwantar da hankalin ɗan kasuwa, don ya san mudu. Wayoyi ma haka, in goma manhajar ke ɗauka lafiya, rubuta 10.

“Taimako na musamman” kuma mene ne shi?

Laminu: In sun kira ina zuwa da kaina.

Rakiya: Sauran fa in sun kira?

Laminu: Su ma ina zuwa, gaskiya.

Nana Hadiza: Hahaha. To ✗ ɗin da ka sa wa Tagulla a nan ƙarya ce ta cutar kai. Ka tsorata mutum da cewa ba za a taimake shi ba, alhali kana zuwa.

Rakiya: Ko dai ka cire sahun, ko ka sa abin da za a iya riƙe ka da shi: “amsa ta WhatsApp” ga na farko, “zuwa shago sau ɗaya a wata” ga na ƙarshe. Duk inda za ka iya sa lamba ko ƴar kalma maimakon ✓ da ✗, sa. Kuma alamominka kore da ja ne masu kusan siffa ɗaya a cikin ɗan da'ira. Akwai maza da ba su rarrabe ja da kore sosai, sannan a rana tsaka a kasuwa, kan allon Itel da ya sha ƙura, kowa ma haka yake.

Ibro: Wannan ta girman hoton ni ma na lura. A ordinater ya yi kyau, a wayata sai na ja da yatsa biyu.

Rakiya: Saboda a kwance ya zana shi. Yawancin wayoyin nan faɗin da suke ba shafi wajen pixel 360 ne. Raba shi huɗu, gidan sunaye da gidaje uku na tsari, kowane ya sami 90. “Tura SMS ga masu bashi” ba ta shiga 90 sai an ƙanƙanta ta ta koma ƙwayar gero. Ga WhatsApp yana matse hoto, ƙananan baƙaƙe su ne farkon narkewa, wato daidai rubutun tauraron nan. In mutum ya faɗaɗa don ya karanta sahu na goma, kan jadawalin ya fita daga allo, bai san ✓ ɗin na wa ba ne.

Da sahu huɗu ko biyar ba ka ma buƙatar gidan sunaye. Yi kati uku a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, kowane da jeri iri ɗaya. Kamar haka:

Ni da yarana
6.000 F a wata (jikka shida)
Shekara: 60.000 F
Waya 3, shago 1
Kaya har 1.000
SMS 100 a wata

A saman duka: “Kuɗin sakawa 5.000 F, sau ɗaya, kowane tsari.” Da girman baƙaƙe irin na sauran.

Ibro: Amma in kati ne ɗaya bisa ɗaya, kwatancin ya tafi. Amfanin jadawali ai ido ya bi sahu ya ga 1, 3, 10 a jere.

Rakiya: Wannan gaskiya ne, ana rasa wani abu. Da sahu huɗu mutum yana iya riƙewa a ka, shi ya sa na ce a rage tukuna. In ya gajarta sunayen sahun zuwa kalma ɗaya, Waya, Shago, Kaya, SMS, jadawalin ma zai shiga a tsaye. Ya gwada duka biyun. Gwajin ba wuya: miƙa wa mai kanti wayar, kar ka ce komi, ka tambaye shi wanne ne nasa kuma nawa zai ba ka yau. In ya amsa daidai kafin shayi ya huce, ya yi. In ya ce “to nawa ne”, koma.

Alhaji Ilu: Ni tambayata ɗaya. In wata ya ƙare ban biya ba, sunayen masu bashina fa? Suna tafiya?

Laminu: A'a Alhaji, suna nan, kana ganinsu. Sabon abu ne kawai ba ka iya shigarwa sai ka biya.

Alhaji Ilu: To me ya sa ba ka rubuta ba? Maƙwabcina mai atamfa abin da ya hana shi ke nan. Ya ce ba zai ba yaro littafin bashinsa ya riƙe masa wuya ba.

Rakiya: Alhaji ya ba ka sahun da ya fi tara ɗin da muka cire. Sa shi a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ka ƙara da abin da ke faruwa in mutum ya kai kaya 200, da ko ana iya sauka daga babba zuwa ƙarami.

Musa kontabul: Ni ina da ja a kan na ukun. Mai shaguna da yawa ba ya saye daga hoto, zama ake yi da shi. Wani shago biyu, wani biyar, wani har Tanut. Ni da na rubuta “a kira mu” kawai. Kuma mutanenmu sai sun taya. In ka rubuta 12.000, daga nan za a fara saukowa.

Nana Hadiza: Ni kuwa in na ga “a kira mu” na san an ɓoye ne don a dubi zanen da na ɗaura kafin a yanka mini kuɗi. Ba na kira.

Rakiya: Ina tare da Hadiza, amma na ga abin da Musa ke gudu. Tsaka-tsaki: 12.000 har shago uku, abin da ya wuce haka a yi magana. Tayi kuwa, in ka rage wa ɗaya a layin Dole, kafin la'asar layin ya ji.

Musa kontabul: Za a rage dai, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Alhaji na nan, a tambaye shi ko ya taɓa biyan farashin farko.

Alhaji Ilu: Ni ai ƙari aka yi mini, jikka biyu aka rubuta ina ba da biyu da rabi.

Laminu: Alhaji ka yi haƙuri, laifin rubutuna ne, kowa mai wata-wata haka yake biya. Ga abin da na ɗauka: tauraro ya fita, 7.500 ta fita, 4.990 ta fita, farashin wata ya hau sama, kuɗin sakawa ya fito fili, sunaye sun canza. Launin dai zan bar shi a na tsakiya da rubutun da tanti ta ce, don ina so masu yara su gan shi.

Ibro: Ni har yanzu ina ganin in ka cire “wanda aka fi saye” za ka yi asara. Ka raba mutanenka biyu, rabi ka tura musu da shi, rabi babu.

Rakiya: Da mutum arba'in, ashirin-ashirin, in nan uku suka saya can biyu, ba ka koyi komi ba, sa'a ce. Kuma ba a gwada maganar da aka san ba gaskiya ba ce.

Ibro: To ya sa ta a kan “Ni kaɗai” a rabi ɗaya, mu gani ko tana jan mutane ƙasa.

Laminu: Wannan zan iya. Alhaji, gobe Alhamis kasuwa ta cika, jibi bayan Juma'a zan biyo da sabon hoton ka zama na farkon gwaji. Ka kira mini mai atamfar.

Alhaji Ilu: Allah ya kai mu. Ka zo da amsa: yarona da ke tsare mini kanti in na tafi masallaci, da wayata yake aiki. Ni kaɗai ne, ko ni da yarana?